Gahawa wankakkiya, shanyayya ko ta zuma: wacce zan saya?

Tambaya daga wata mai karatu a Zariya: "Salam Malam. Ina so in yi odar 'ya'yan gahawa 'yar Habasha a onlayin, sai naga iri ɗaya ce gari ɗaya amma wata an rubuta washed wata natural, akwai kuma wata 'yar Kosta Rika an sa honey. Maigida baƙa yake sha ba suga saboda yana da ciwon suga, ni kuma da madara nake sha. Wacce zan ɗauka? Kuma ta honey ɗin zuma aka zuba mata?"

Wa alaikissalam Hajiya. Bari in fara da zumar dan hankalinki ya kwanta, ko ɗigo ɗaya babu a ciki. Abin da muke kira ƙwayar gahawa ƙwallon wani ɗan itace ne mai ja idan ya nuna, kamar girman magarya, kuma tsakanin ɓawonsa da ƙwallaye biyun da ke cikinsa akwai wani yauƙi mai zaƙi da danƙo. Mutanen Kosta Rika shi wannan yauƙin suke kira da sunan zuma a yarensu saboda yanda yake manne wa hannu, daga nan sunan ya fito. Kuma duk kalmomi ukun da kika gani abu ɗaya suke gaya miki, wato yaushe aka raba ƙwallon da wannan yauƙin.

Wankakkiya, wacce aka sa wa washed, ranar da aka tsinko ta ake zuba ta a ruwa a kwashe masu tasowa sama dan su ne marasa kyau, inji ya ɓare ɓawon, sai a bar ta a kwarami ta kwana ɗaya ko biyu har yauƙin ya saki, kamar dai yanda ake jiƙa gero a bar shi ya ɗan yi tsami. Daga nan a wanke tas, a shanya wajen sati ɗaya zuwa biyu har danshinta ya sauko kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari. Tunda ba ta daɗe da naman ɗan itacen ba, abin da za ki ji a baki ɗanɗanon ƙwallon ne kansa. 'Yar yankin Yirgacheffe na Habasha wankakkiya ba ta da nauyi, ruwa-ruwa take kamar shayi, da ƙamshin fure da ɗan tsami mai daɗi irin na lemon tsami.

Shanyayya kuma, natural kenan, ita ce tsohuwar hanya, har yau haka ake yi a Harar ta Habasha da Yaman da yawancin Burazil, wuraren da rana ta fi ruwa samuwa. Ba a ɓare komai, ɗan itacen gaba ɗayansa ake bazawa a kan gadon raga ko daɓe, ana juyawa sau da yawa a wuni, ana rufewa da dare, sati uku zuwa huɗu har ya yi baƙi ya ƙeƙashe kamar kauɗa sannan a sussuke. Duk tsawon kwanakin nan naman yana ɗan ruɓa a hankali yana ba ƙwallon ƙamshinsa, kuma akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba, shi ƙwallon yana da rai. Idan aka ɓare shi aka jiƙa sai ya fara shirin tsirowa ya cinye wani ɓangare na sugan da ke jikinsa, idan kuwa yana cikin ɓawonsa ba ya saurin yin haka. Shi yasa shanyayya take da kauri a baki, tsaminta ya kwanta, ki ji kamar busasshen inabi ko dabino ko wani ɗan itace da ya nuna lugub. Gona ɗaya bishiya ɗaya, amma wallahi sai ki rantse ba abu ɗaya kike sha ba.

Ta zuma tsakiya take. An ɓare ɓawon amma ba a wanke ba, da yauƙin a jiki aka shanya. In kinga white ko yellow to kaɗan aka bari ko an busar da sauri, ta fi kusa da wankakkiya, red da black kuma yauƙi da yawa aka bari ta bushe a hankali, sun fi kusa da shanyayya.

Toh ga shawarata. Maigida ki saya masa wankakkiyar, dan mai shan baƙa ba abin da ke ɓoye masa aibi, kuma ita ce ta fi tsabtar ɗanɗano, kofin yau da na gobe duk ɗaya. Sai dai in kin san shi ba ya son tsami ko kaɗan, to ta zuma ja za ta fi masa, zai ji kamar da zaƙi-zaƙi alhali ba suga aka sa ba, ƙamshi ne kawai yake ba baki wannan jin. Ke kuma shanyayya ce taki, ita ce ke iya tsayawa a cikin madara. Wankakkiyar Habasha in aka zuba mata madarar gwangwani ƙamshin furen nan ɓacewa yake, ya zama kin biya kuɗin abin da ba ki sha ba, wannan yana min ciwo sosai in na gani. Haka in za ki dafa da citta da kanumfari, kar ki wahalar da aljihunki, mai sauƙin kuɗi 'yar Burazil ta wadatar.

Amma fa shanyayya ita ta fi haɗari wajen saye. In an tula ta da kauri ko ba a juya ba ko ruwan sama ya taɓa ta, lalacewa take, kuma hancinki zai gaya miki: wari kamar ruwan kal, ko na ruɓaɓɓen mangwaro, ko warin ɗaki mai danshi wanda funfuna ce ke kawo shi. Ƙamshin nunannen ɗan itace daidai ne, wanda ya kai ki yamutsa fuska ba daidai bane. Ki kuma zuba 'yan ƙwayoyi a faranti ki duba, in kinga fatsi-fatsi da yawa waɗanda suka ƙi yin duhu a suya to ɗanyu aka tsinko, ɗanɗanonsu kamar gyaɗar da ba ta soyu ba, kuma a shanyayya aka fi samunsu. Ki tsince su kafin ki niƙa. Sannan ki duba suyar, in an rubuta dark roast duk bayanin nan kusan ya tashi a banza dan wuta ta cinye bambancin, light ko medium za ki nema.

Ki fara da ƙananan leda guda biyu 'yan gari ɗaya, wankakkiya da shanyayya, ki gwada su gefe da gefe. Giram 12 na niƙaƙƙiya a kowane kofi, ruwa mil 200 wanda ya tafasa aka sauke ya yi minti ɗaya, ki bari minti 4, ki kwashe kumfar sama da cokali. Kar ku yanke hukunci da zafinta, sai ta huce ta zama ɗumi-ɗumi bambancin yake fitowa sosai.

Wani ɗan'uwa daga Maraɗi shi ma ya rubuto: "Naga an rubuta winey a bayanin wata shanyayya, da giya a ciki ne?"

A'a ɗan'uwa, ba a zuba mata komai ba, masu ɗanɗanawa ne suke kwatanta ƙamshin inabin da ke cikinta, kuma ƙwayar da ta yi makonni a rana sannan aka soya ta a zafin da ya kai wajen digiri 200 ba za ta bugar da kowa ba. Wacce za ka kiyaye ita ce mai barrel aged, dan ita ana ajiye ɗanyar ƙwayar a gangar katakon da aka taɓa zuba barasa takanas dan ta ɗau ƙamshin, in ka ga wannan a jikin leda ka tambayi mai sayarwa wace irin ganga ce kafin ka tura kuɗi.