Shin dole ne sunan sana'a ya zo da taken bayani?

“Zan buɗe shagon ɗinki mai suna Haske. Shin dole ne in haɗa shi da taken bayani a allon ƙofa?”

Haɗa shi da take, malam, domin Haske bai nuna ɗinki ba. Mai wucewa zai iya zaton kantin ƙwan lantarki ne. Take kamar “ɗinkin kaftani da babbar riga” ya wadatar, kuma ka guji kirari irin “mun fi kowa”, wanda bai faɗi sana'arka ba.

Sunan da ba ya buƙatar bayani shi ne wanda ya ambaci aikin da kansa, kamar Gidan Kilishi, ko wanda ya riga ya zauna a bakin jama'a, kamar Dangote a buhun siminti. Ni kan faɗa wa baƙo sunan kawai. Idan ya tambaye ni abin da ake sayarwa, to sai an sa take.