Rubutun jikin akwatin babur: a fara da lambar waya

Tambaya: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina sayar da abinci daga gida a Kano, na sayi babur da akwatin kai saƙo. Ina son a sa mini suna da lambar waya da ɗan hoto a jiki. Me zan ce wa mai sitika ya yi mini, don kada in yi asarar kuɗi?

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya albarka a sabon babur. Babura uku nake da su a kan titi, kuma sau biyu na ɓare rubutun akwati na sake sabo kafin na gane inda gizo ke saƙa.

Kafin ki je wurin mai sitika, ki ɗauko tef ki auna bayan akwatin. Bayan shi ne gaban shagonki, domin mai mota ko mai adaidaita da ya tsaya a bayan yaronki a danja, shi ne yake da lokacin karanta lamba. Wanda ke gefen titi kuwa, wucewa kawai babur zai yi masa fuu, in ya kama sunan ma an gode Allah. Saboda haka gefe biyun na suna ne, baya na lamba.

Ga yadda lissafin ya kasance a akwatina. Faɗin bayansa santimita 45 ne. Na bar santimita 3 a kowane gefe, domin sitikar da ta kai baki ita ce ke fara ɗagowa, sai ya rage 39. Lambar waya a Najeriya guda 11 ce, kuma dole a raba ta kashi uku: huɗu, uku, huɗu, yadda muke faɗinta da baki. Idan aka haɗa da tazara biyun nan, kowace lamba a cikin 11 ɗin za ta samu faɗin kimanin santimita 3, tsayinta kuma ya kama wajen santimita 5. Masu rubutun allo suna da wani ma'auni da na gwada na ga gaskiyarsa: kowane inci ɗaya na tsayin harafi yana karantuwa cikin sauƙi daga ƙafa 10. Santimita 5 inci biyu ke nan, wato ƙafa 20, kimanin mita 6. Wannan ya isa direban da ke bayan babur da wanda ke bin sa. Kin ga ke nan lambar waya ɗaya tak ta cinye faɗin akwatin gaba ɗaya. Duk wanda ya ce zai jera miki lamba biyu a layi ɗaya, to rage girmansu zai yi zuwa rabi, ki tashi babu wadda ke karantuwa. Ki zaɓi layi ɗaya, wanda ke kan WhatsApp, wanda kuma ba za ki canza ba. Ƙaramar alamar WhatsApp a samansa ta wadatar, ba sai an rubuta "a tuntuɓe mu a" ba, kowa ya san lambar waya in ya gan ta.

A akwatina na farko ban san wannan ba. Akwatin baƙi ne, aka yi mini rubutu shuɗi mai lanƙwasa irin na katin biki, da lamba biyu, da adireshi, da hoton farantin shinkafa da kaza. A fuskar kwamfutar mai sitikar abin gwanin sha'awa. Ranar da na bi yarona a baya da magariba a kan titin Zoo Road, ni da na haddace lambar na kasa karanta ta, hoton kuwa ya koma wani jan dunƙule. Raina ya ɓaci ƙwarai, don wata biyu ke nan babur ɗin yana yawo a gari babu wanda ya san na waye.

Abin da nake yi yanzu kala biyu ne, mai duhu da mai haske: baƙi a kan rawaya ko fari, ko fari a kan shuɗi mai duhu. Haruffa masu kauri, tsayayyu, marasa ado. Ki duba lambobin da kyau a samfurin rubutun da ya zaɓa, musamman 3 da 8, da 1 da 7, domin a wasu samfuran suna kama da juna daga nesa. Sannan akwai abin da ya shafe mu mu Hausawa: yawancin samfuran rubutun da ke kwamfutocinsu ba su da ƙ da ɗ da ɓ. In sunanki ko abin da kike sayarwa yana da su, kamar ƙosai ko ɗanwake ko saƙo, za ki ga ko dai an mayar da harafin k da d, ko ya fito siriri daban da 'yan'uwansa. Ki tsaya a kansa ya gyara ƙugiyar da hannu ko ya canza samfurin kafin ya yanka.

Hoto kuma ɗaya, kala ɗaya, wanda yaro zai iya faɗin sunansa da kallo guda: tukunya mai tururi, ko cokali. A ƙarƙashin sunan a sa kalma biyu ko uku da ke faɗin sana'ar, domin suna kaɗai ba ya gaya wa baƙo me kike sayarwa.

Kada ki biya kuɗin sitika sai ya buga miki zanen a takarda a ainihin girmansa, ko da baƙi da fari ne, ko da sai an haɗa takardu biyu. Ki manna a akwatin da salatif, ki ja baya taku goma, ki kira wanda bai san lambar ba ya karanta miki da ƙarfi. Daga nan ki ɗauki hoto da waya daga wurin, domin yawancin mutane yanzu hoton akwatin suke ɗauka, ba rubuta lamba suke yi ba. Ki maimaita da yamma liƙis. In ya yi tuntuɓe a lamba ɗaya, a koma a gyara.

Ga suna da lamba na fi son sitikar yanka, wadda kalarta a jikinta take, don ta fi jure ranar Kano. Wadda ake bugawa da inji, in ba a rufe ta da laminashin ba, tana koɗewa da wuri, kuma ja ne ke fara tafiya. Sannan ki shafa jikin akwatin da hannu. In faiba ne mai sumul ko ƙarfe mai fenti, sitika za ta kama. In roba ce mai gurji-gurji, gam ba ya zama a kai, gara a yi rubutun a kan falle mai sumul a ɗaure shi da ƙusa. A wanke wurin da omo, ya bushe sarai, a goge da sifirit saboda maiƙo, musamman ke da man abinci zai riƙa taɓa akwatin. A manna a inuwa, akwatin ba da zafi ba, ana bi da tsohon katin banki daga tsakiya zuwa gefe. Ki bar shi kwana biyu kafin a wanke, kuma ki gargaɗi yaron kada mai wankin babur ya saita bakin injin ruwa a gefen haruffan.

Ki tabbata rubutun bai hau kan makulli ko mahaɗin murfi ba, akwatin kuma bai rufe lambar babur ko fitilar birki ba. A ƙasan lambar wayar ki bar wurin tef mai ƙyalli saboda dare. Kuma da zarar suna ya hau jikin abin hawa, masu karɓar haraji na iya ɗaukarsa a matsayin talla, don haka ki tambayi takardar da ake buƙata a ƙaramar hukumarku tun kafin babur ya fita, ki ba yaron kwafi ya riƙe a aljihu.