Wane kaya za a ƙara wa jari, wane za a ajiye?

"Assalamu alaikum. Shekarata bakwai ina aiki a Jidda. Da abin da na tara muka kafa 'yar masana'anta a Kano, ƙanena ke riƙe da ita. Muna yin sabulun wanki na sanda, sabulun ruwa, man kitso da man shafawa. Ya ce kowanne cinikinsa ya ƙaru, in turo naira miliyan uku a raba musu. Wani abokin aikina ya ce in fara duba jadawalin nan mai gida huɗu na bunƙasar kasuwa da kason kasuwa. Yaya ake karanta shi?"

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ɗan dakata da turawa, kuma ko ka tashi turawa kada a raba kuɗin daidai wa daida.

Jadawalin ya fito ne daga kamfanin Boston Consulting Group, wanda shugabansa Bruce Henderson ya yaɗa shi a 1970. Tambaya biyu yake yi wa kowane kaya. Ta farko: kasuwar kayan gaba ɗaya, naku da na wasu, tana ƙaruwa da sauri? An saba sa iyaka a kashi 10 cikin ɗari a shekara. Ta biyu: in aka raba abin da kuke sayarwa da na babban abokin hamayyarku, nawa zai fito? Ya haura 1, ku ne a gaba. Wanda ke gaba a kasuwa mai gudu shi ne tauraro, wanda ke gaba a kasuwar da ta lafa saniyar tatsa. Na baya a kasuwa mai gudu alamar tambaya ne, na baya a kasuwar da ta tsaya kuma kare ake ce masa.

Inda nake jin tsoro shi ne kalmar "ciniki". Katan ɗin da aka sayar naira 10,000 bara, in ya koma 13,000 bana, littafi zai nuna ƙarin kashi 30 alhali ko katan ɗaya ba a ƙara ba. Don haka a ƙirga katan, ba naira ba. Kasuwar ma ba Najeriya duka ba ce, 'yan sarin da motarku ke kai wa kaya ne. Ƙanenka ya zagaya goma daga cikinsu, a Singa ko duk inda kuke sauke kaya, ya tambayi katan nawa suke karɓa a wata daga kowane kamfani, bana da bara.

A ce ya dawo da wannan. Sabulun sanda ku katan 400 a wata, na biye da ku 250, kasuwar ta ƙaru da kashi 3. Rabon ya ba da 1.6, saniyar tatsa ke nan. Kada a saya mata sabon inji, domin masu sayen ba ƙaruwa suke ba, amma kada a bar ta ta rasa soda da mai ko ingancinta ya ragu. Ribarta ce za ta ciyar da sauran.

Sabulun ruwa ku 60, na gaba 200, wato 0.3, kasuwar na ƙaruwa da kashi 25. Nan ka lura sosai: in naku ya ƙaru da kashi 10 kawai, ƙanenka zai ga ci gaba, alhali baya ake barin ku. Man kitso ku 40, na gaba 500, wato 0.08, kasuwar na ƙaruwa da kashi 15. Dukansu alamar tambaya ne, kuma miliyan uku ba za ta ɗauki biyu ba. Ni sabulun ruwa zan zaɓa, saboda tazarar katan 140 abu ne da za a iya cimma, ta 460 kuwa sai a ƙarar da jari ba a matso ba.

Man shafawa ku 30, na gaba 300, kasuwar ba ta motsi. Sunan kare ya hau kansa, amma kada a yi garajen yanke shi. Kaya ne na hunturu, sai a gwada Disamba da Disamba, ba da damina ba. A duba ko yana biyan kuɗin kayan haɗinsa da robarsa har ya bar wani abu, da kuma ko akwai ɗan sarin da ke ɗaukar sabulu saboda yana samun man a mota guda. In duka biyun babu, a sayar da wanda ke ƙasa a tsaya.

Jadawalin ya ɗauka cewa mai sayar da kaya da yawa shi ya fi samun rahusar haɗawa. A ƙaramar masana'anta wannan ba kullum yake tabbata ba, don haka ka nemi ribar kowane katan kafin ka amince da sunan da aka ba kaya.

In lissafin ya fito haka, ka fara tura miliyan ɗaya kan sabulun ruwa kaɗai, ku sake zagaya 'yan sarin nan goma bayan wata uku. In 0.3 ta kama hanyar 0.4, ka tura saura. Maganar man shafawa kuwa ka yi ta da ƙanenka ta waya, ku biyu, lissafin yana gabansa, musamman in shi ya kawo shawarar fara yin sa.