Kalmar "ƙauna" da lambobin Strong

Tambaya: Ina so in bi kalmar "ƙauna" duk inda ta fito a Sabon Alkawari. Da littafin jerin kalmomi, ta ina zan fara?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka bi kalmar fassara, bi ta asali. Littafin James Strong na 1890 an gina shi ne a kan fassarar Littafi Mai Tsarki ta Turanci ta King James, ya kuma ba kowace kalmar Ibrananci da Helenanci lamba. Lambar nan ce igiyarka.

Buɗe Yohanna 21:15-17, inda kalmomin Helenanci biyu na ƙauna suka fito. Sau biyu Yesu ya tambayi Bitrus da agapao, lamba G25, Bitrus yana amsawa da phileo, G5368. A karo na uku Yesu ma phileo ya ce. Fassarori da yawa kalma ɗaya suka sa, ba za ka ga sauyin ba.

Akasin haka ma yana faruwa. Agape, G26, ita ma kalmar ƙauna ce, amma a 1 Korintiyawa 13 King James ya fassara ta da charity, ba love ba. Wanda ya nemi love kaɗai, babin nan sukutum ya wuce shi. Don haka ka rubuta ayoyi ƙarƙashin kowace lamba daban, ka karanta kowace tare da maƙwabtanta.

Amma a yi hattara, lamba ba ma'ana ba ce. Ana yawan cewa agapao ƙaunar Allah ce zalla. To, a 2 Timoti 4:10 da ita aka ce Dimas ya ƙaunaci duniya, a Yohanna 5:20 kuwa da phileo Uba yake ƙaunar Ɗan. Ni kam ba na ɗora wa bambancin Yohanna 21 nauyi sosai.