Tsakanin Walƙiya da Tsawa

Tambaya: "Wai da gaske ne ana gane nisan hadari ta ƙirga daƙiƙu bayan walƙiya? Ni manomi ne, damina ta sha ritsa ni a gona."

Malam, gaskiya ne. Hasken walƙiya nan take yake iso idonka, amma ƙara tafiyarta a hankali ce, kusan mita 340 a daƙiƙa guda. Ke nan duk daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce.

Da zarar ka ga walƙiya, fara ƙirge har ka ji rugugin tsawa, sannan ka raba da 3. In ka samu 15, kilomita 5 ke nan. In ta gaba ta ba ka 9, ta dawo kilomita 3, hadarin kanka yake nufowa. Agogon waya ya fi ƙirgen baki, don mai fargaba sauri yake yi. Haka kuma in walƙiya na ta zuwa a jere, sai mutum ya haɗa hasken wata da ƙarar wata, lissafi ya rikice.

Abin da ya fi damuna shi ne masu cewa "ai da saura". Lissafin nan nisan walƙiyar da ta wuce yake nuna maka, ta gaba tana iya sauka kusa da kai. In ƙirgen bai kai 30 ba, bar gonar, ka shiga gini ko mota mai rufin ƙarfe, ban da gindin bishiya. Ka jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe.

Wanda aradu ta faɗa wa kuwa, taɓa shi ba haɗari, a garzaya da shi asibiti ko da ya farfaɗo.