Farin abu a maƙogwaron yaro: asibiti yau, ba wanzami ba

"Ɗana mai shekara 4 yana zazzaɓi, wuyansa ya kumbura, kuma akwai wani abu mai ruwan toka shimfiɗe a maƙogwaronsa. Maƙwabta a nan Agege sun ce beli ne, in kira wanzami. Ya zan yi?"

Maman yaro, don Allah kada wanzami ya taɓa shi. Ki kai shi babban asibiti yau, ki ce musu kina zargin mashaƙo. Wannan fatar tana manne da nama ne, in aka kankare ta jini take yi, kuma tana iya sauka ta toshe hanyar iska. Idan muryarsa ta dishe, ko numfashinsa na ƙara kamar usur, ko kin ga gindin wuyansa na lotsawa in ya ja iska, ko da tsakar dare ne ku tafi. A can za su yi masa allurar karya dafin da ƙwayar cutar ke fitarwa, sai maganin kashe ƙwayar na kwana 14. Jinkiri ne abin tsoro, domin allurar ba ta kamo dafin da ya riga ya shiga nama, shi ne kuma ke taɓa zuciya bayan mako 1 ko 2, lokacin da ake ganin yaro ya samu sauƙi.

Ki tafi da katin rigakafinsa. Allurar Fenta, wadda ake yi kyauta a mako na 6, na 10 da na 14 bayan haihuwa, tana sa jiki ya tanadi makarin dafin tun kafin ƙwayar ta zo, amma sai an cika ukun. Ƙannensa da yayyensa ma a duba su, musamman in ɗaki ɗaya kuke kwana, don ta tari cutar take yaɗuwa.