Hukuncin sayen injin kafinta da bashin ruwa ko da jarin tarayya

Tambaya: Malam, ni kafinta ne, ina son sayen injin goge katako na naira miliyan 3, alhali miliyan 1 kawai ke hannuna. Banki zai ranta mini miliyan 2 in mayar da miliyan 2 da dubu 600 bayan shekara, wani ɗan kasuwa kuma ya ce zai zuba kuɗin mu riƙa raba riba. Wanne ya halatta?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗan'uwa, rancen bankin riba ce, wato kuɗin ruwa, domin ƙari ne da aka sharɗanta a kan bashi, kuma Allah ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 275, ya halatta ciniki, ya haramta riba. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi (SAW) ya la'anci mai cinta da mai bayar da ita da marubucinta da shaidunta biyu.

Tayin ɗan kasuwar shi ne musharaka, wato tarayya a jari, kuma halal ne matuƙar ya yarda ya ɗauki asara, saboda ƙa'idar shari'a ita ce wanda hasarar abu ke wuyansa shi ke cin amfaninsa. Idan ya zuba miliyan 2, ya mallaki kashi biyu cikin uku na injin, don haka ranar da wutar lantarki ta ƙona shi ba da sakacinka ba, kashi biyu na asarar nasa ne, ɗaya naka. Banki kuwa, ko injin ya ƙone, ko kasuwa ta mutu, kuɗinsa da ƙarinsa yake jira.

Dole rabon ya zama kaso ne daga ribar da aka samu bayan fitar da kuɗin katako da man janareto da ladan yara. Malikiyya da Shafi'iyya sun ce riba tana bin gwargwadon jari, amma Hanafiyya da Hanabila sun halatta a ƙara wa mai yin aikin, misali kai 60 cikin 100 shi 40, kuma wannan nake rinjayarwa a halinka.

Inda nake ji maka tsoro shi ne ɗan kasuwar ya ce ka riƙa ba shi dubu 50 kowane wata, uwar kuɗinsa kuma tana nan ko me ya faru. Wannan rance ne mai ruwa da aka sauya wa suna. Haka nan in kana son injin ya koma naka, ka riƙa sayen kasonsa da farashin da kuka amince a ranar saye, kada a ƙulle shi tun farko a kan ainihin abin da ya zuba.

Ba zan ɓoye maka ba, tarayya tana iya fin rance tsada. In ribar wata ta kai dubu 200, zai karɓi dubu 80, wato dubu 960 a shekara. Amma watan da ba a samu komai ba, ba ya bin ka ko kwabo. Ku rubuta yarjejeniyar a gaban shaidu, ka kuma ware littafin shige da ficen kuɗin injin daban da na sauran shagon.

Wallahu a'alam.